Kwastan Gidan Jaɓɓo

A ƙarshen garin Illela, inda hanya ta karkata zuwa Araba, in ka tambayi gidan Rabi'a sai a tsaya ana tunani. Amma ka ce gidan Kwastan, kowa zai nuna maka da baki. Sunan ba na yabo ba ne. Dangin mijinta ne suka laƙaba mata shi, saboda a cewarsu ko jami'in da ke bakin iyakar Ƙonni bai kai ta bincike ba, kuma shi aƙalla yakan yi murmushi.

'Yar wani malamin makarantar allo ce a cikin gari. Ta tashi tana yi wa mahaifiyarta dakan fura, a nan ta saba da Fulanin da ke kawo nono, a nan kuma Jaɓɓo ya gan ta. Shi ɗan fari ne ga Malam Abdu, makiyayin da ya gaji da yawo ya kafa gida a gefen gari. Jaɓɓo bai bi shanu ba, babur ya bi. Yana ɗora buhunan albasa ya ƙetara Ƙonni, ya dawo da abin da ya samu, har ranar da wata akori-kura ta ture shi cikin kwalbati. Aka kai shi asibiti a Sakkwato, likitoci suka ce laka ta taɓu. Hannuwansa ƙalau, kansa ƙalau, amma daga cibiya zuwa ƙasa ko allura ka soka masa bai san an yi ba.

A wannan jinyar aka yi Rabi'ar da mutane suka ƙi. A gadon da ke kusa da nasu akwai wani magidanci mai irin ciwon Jaɓɓo, wanda ya shekara biyu a gida lafiya lau kafin a dawo da shi. Ba bayan ne ya dawo da shi ba, gyambon zama ne. Matarsa ta ce wani ɗan tabo ne ya fara a mazauninsa, ba su kula ba don bai ce yana ciwo ba. Ranar da Rabi'a ta ga ana wanke wurin, ta hango ƙashi. Mutumin bai fita daga ɗakin da rai ba.

Nas ɗin da ke kula da su ta zaunar da Rabi'a ta yi mata bayani dalla-dalla. Mai lafiya in ya daɗe a zaune, jikinsa ne ke gaya masa ya gyara zama, ya motsa bai ma sani ba. Jaɓɓo ba shi da wannan ɗan saƙon. Ƙashin mazauni zai danne nama, jini ya daina zuwa, wurin ya fara mutuwa daga ciki alhali shi yana hira yana dariya. Don haka in yana kan keken guragu, duk bayan rubu'in awa ko rabin awa ya sunkuya gaba ƙirjinsa ya kusa gwiwa, ko ya karkata gefe har mazauni ɗaya ya rabu da kushin, ya tsaya haka kamar minti biyu, sannan ya koma ɗaya gefen. In yana kwance a juya shi duk awa biyu, a sa matashi tsakanin gwiwoyi, a ɗage dugadugansa kada su taɓa katifa. Safe da yamma a duba fatar a cikin haske: mazaunai, ƙashin tsatso, kwatangwalo, idon sawu, diddige. A baƙar fata ja ba ya cika nunawa, sai a nemi wurin da ya fi kewayensa duhu, ko ya yi ɗumi, ko ya yi tauri. In aka ɗauke nauyi rabin awa tabon bai baje ba, to ba zama a kansa sai ya tafi.

Rabi'a ta dawo Illela da wannan karatu a ka, ta kuma riƙe shi fiye da yadda ta riƙe na mahaifinta. Ta hana Jaɓɓo wando mai kaurin ɗinki. Kafin ya hau keke sai ta laluba aljihunsa, don ta taɓa samun mabuɗi ya kwana a ƙarƙashin cinyarsa. Zanen gado in ya yi ƙudundune sai an sake shimfiɗa shi. In abokai suka zo ɗaga shi, tana tsaye a kansu: a ɗaga, kada a ja. Keke ba ya kwana a rana, don ƙarfen zai iya ƙona shi bai ji ba. Wake, nono, ƙwai, ruwa, ko yana so ko ba ya so. Kuma ba ta iya faɗar magana da laushi ba, wannan kam gaskiya ce, Allah bai ba ta ba. Shekara uku fatar Jaɓɓo ko ƙwarzane babu, shekara uku babu wanda ya ce mata sannu. Mutane ba sa ganin gyambon da bai fito ba, abin da suke gani shi ne mace tana ba mijinta umarni a gaban baƙi.

Shi kansa Jaɓɓo ya bi tsarin, har sai da Halliru ya ɓata. Halliru tsohon abokin sana'arsa ne, irin mutanen nan da ba su iya ganin abu su haɗiye. Wata rana ana hira a ƙofar gida, Jaɓɓo ya kama hannun keke ya karkata gefe ya ɗaga mazauni, kamar yadda ya saba. Halliru ya toshe hanci ya ja da baya.

"A'a, Jaɓɓo! In za ka saki, ka hwaɗa muna mu ba ka wuri mana!"

Aka kwashe da dariya. Wanda bai san Bafulatani ba zai ce wasa ne. Amma a gidan su Jaɓɓo, a ce mutum ya yi tusa a cikin maza abu ne da ke sa a bar gari, kuma abin haushin shi ne karkatar da nas ta koya masa ba ta da maraba da ta mai shirin yin hakan. Daga ranar, in akwai ido a kansa, Jaɓɓo ya zama dutse. Rabi'a ta gane, ta yi faɗa, ta rage masa zaman waje, ta daina amsa gaisuwar Halliru. Aka ƙara mata wani laifin a kan na da.

Sai Malam Abdu ya rasu, a tsakiyar bazara, lokacin da inuwa ma zafi take yi.

Zaman makoki na maza a ƙofar gida ake yi, kuma ɗan fari shi ne fuskar zaman. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin dogon yaro, aka tura keken Jaɓɓo tsakiya kusa da Baffa Ashafa, ƙanen mamacin. Kowa a ƙasa, shi kaɗai a sama, duk wanda ya zo daga Garu ko Araba ko Ƙonni shi yake fara kallo. Rabi'a na cikin gida tare da mata, inda al'ada ta ajiye ta. Ta aika a ce masa ya riƙa gyara zama, saƙon bai dawo da amsa ba. Ta aika a shigo da shi ya ɗan kwanta da azahar, aka ce mutanen Ƙonni sun iso.

Sai bayan la'asar sakaliya aka turo shi ciki. Tana ɗaga shi ta ga abin da yake zaune a kai, ranta ya ɓaci. An cire kushin ɗinsa na asibiti, an sa masa wani ƙaton gammo na tsummoki, mai rami a tsakiya. Aikin Inna Asta ne, mahaifiyarsa. Tsohuwar ta yi rayuwarta tana ɗaukar ƙwaryar nono a kan gammo, a wurinta duk inda nauyi yake gammo ne maganinsa, ta kuma zauna cikin hawayen takaba ta naɗa wa ɗanta wannan don ya jure zaman. Da kyakkyawar niyya ta yi, sai dai fata ba ta san niyya ba. Gammo yana tara nauyin duka a kan zoben, ya shaƙe jinin da zai shiga tsakiya.

Rabi'a ta kwantar da shi a gefe, ta buɗe taga. Wando ya jiƙe sharkaf da gumi. A kan ƙashin mazaunin dama akwai tabo kamar faɗin bakin kofin shayi, ya fi kewayensa duhu. Ta sa bayan yatsu, ɗumi. Ta wanke shi da ruwa mai sanyi-sanyi, ta tsane da tsumma ba tare da gogawa ba, ta jira. Rabin awa ta wuce, tabon yana nan.

"Gobe ba ka hita," ta ce.

"Ubana na yar rasu, Rabi."

"Na sani. Gobe ba ka hita."

Da safe ta leƙa wurin mata ta gaishe da masu zuwa. Kafin ta dawo, Baffa Ashafa ya aiko an ɗauke shi. Aka ce mata Jaɓɓo da kansa ya ce a zo a fitar da shi.

Ta zauna a bakin ƙofar ɗaki tana jin muryoyin maza ta bayan katanga. Tsoro ne ya cika ta, kuma ita tsoro ba ya sa ta kuka, faɗa yake sa ta. Duk fatihar da aka shafa a waje, ita ƙashin nan take gani yana nutsewa cikin nama. Da hantsi ya ɗaga ta ja mayafi, ta ratsa zaure, ta fito tsakiyar maza.

Kowa ya juyo yana kallonta. Surukar gida, a ranar biyu ga rasuwa, a gaban baffannin mijinta. Ta durƙusa ta yi gaisuwa a taƙaice, ta miƙe ta kama keken ta baya ta saki birki.

"Ke, mi kike yi haka?" in ji Baffa Ashafa.

"Baffa, a yi mani haƙuri. Kwanciya za shi yi."

"Mutane sun taso tun daga daji don su gane shi. Shi yac ce maki ya gaji?"

"Ai shi bai sanin ya gaji, Baffa. Ciwon ke nan."

"Sake keken ga," Jaɓɓo ya faɗa ƙasa-ƙasa, bai juyo ba. Ya damƙe tayoyin da hannu biyu, hannun da ya saba ɗaga buhu.

Nan Rabi'a ta yi abin da har yau ba a yafe mata ba. Ta ɗaga murya yadda na ƙarshen tabarma zai ji.

"Tun jiya yana zamne bai motsa ba, don kar a ce ya yi tusa. Ga wanda yaj ja muna nan zamne, Halliru. To mazauninai ya hwara mutuwa. Ku zaɓa, ko ku bar ni in kai shi ciki, ko ku bar tabarmin ga a shimhiɗe, don za ku sake bukatar su."

Wani dattijo ya yi salati. Halliru ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Hannuwan Jaɓɓo suka saki tayoyin, ba don ya yarda ba, sai don kunya ta kashe su. Ta tura shi cikin zaure, ba wanda ya tashi ya taya ta ɗaga keken a dokin ƙofa.

Cikin gida ya kama da wuta. Gwaggwanni suka taru a ƙofar ɗakin, kowace da nata. 'Yar birni, marar kunya, ta tsiraita mijinta a bainar jama'a, ta yi wa gidan fatan makoki na biyu. Wata ta ce in ma akwai tabon, a kawo ruwan zafi a gasa, a murza da man shanu, kafin gobe ya baje. Rabi'a ta tsaya a ƙofa ta ware hannuwa. Ruwan zafi zai dafa fatar da ba ta ji, murza kuma za ta ƙarasa yayyaga naman da ya riga ya raunana a ciki. Ta ce duk wadda ta shigo da tafasasshen ruwa, a kanta zai ƙare. Ta kira nas ɗin asibitin gari a waya ta kwatanta mata tabon. Nas ta ce kada ya zauna a kai sam, a ci gaba da juya shi, in fatar ta buɗe ko ta yi bororo ko zazzaɓi ya zo, a kawo shi ba tare da jira ba.

Da yamma Baffa Ashafa ya shigo har tsakar gida ya tsaya daga nesa. Gobe addu'ar uku, Jaɓɓo zai fita ko da awa ɗaya ce. Rabi'a ta ce a shigo da malamai ɗaki, ko a shimfiɗa masa katifa a waje ya kwanta a gefe. Baffa ya ce ba a taɓa karɓar gaisuwar uba a kwance kamar mai jego ba. Daga cikin ɗaki Jaɓɓo ya ce shi ma ba zai yarda a fitar da shi a kan katifa ba, abin da aka yi masa yau ya isa. Sannan ya ƙara da cewa:

"Rabi, tahi gidanku."

Ba saki ba ne, amma kowa ya ji, kuma wasu sun ji daɗi. Rabi'a ta shiga ta ƙulle tufafinta a zane, ta fito ta dire ƙullin a tsakar gida.

"Na ji, zan tahi. Amma sahe da marece sai an buɗe shi an duba. Wa ka dubawa? Ya taho in gwada mai kahin in wuce."

Gwaggwannin da suka cika gidan da murya suka koma kallon ƙasa. Baffa Ashafa ya gyara hula. Kowa yana son Jaɓɓo, amma son bai kai ga ɗaga masa riga ba.

"Ba kowa? Duk yawan ku?"

Sai Inna Asta ta taso daga tabarmar takaba. Wannan ya fi fitar Rabi'a cikin maza ba mutane mamaki. Bafulatana ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta zama inda yake, tun da aka yaye Jaɓɓo kakarsa ce ta raine shi. Ko da aka dawo da shi daga Sakkwato, daga bakin ƙofa take tambayar mai jiki. Ta wuce Rabi'a ba ta dube ta ba, ta shiga ɗakin, ta tsaya ta juya fuska ga bango.

"Ba ni dubawa," ta ce. "Kama hannuna ki aza."

Jaɓɓo ya ja matashi ya rufe kansa. Rabi'a ta ɗaga zanen, ta kama yatsun tsohuwar ta ɗora a gefen lafiya tukuna, sannan ta matsar da su kan tabon. Inna Asta ta daɗe a haka. Hannun da ya yi shekaru yana tatsa ya san bambancin nama mai lafiya da wanda ya ɗau zafi ya ƙandare.

"Yana jin hannuna?"

"Bai ji, Inna."

"Ko kaɗan?"

"Ko wuƙa ta, bai ji."

"Gammon nan hwa?"

Da wata surukar ce, da ta ce ba komai. Rabi'a ta ce, "Ya ƙara."

Tsohuwar ta janye hannu ta fita. A tsakar gida ta ce wa Baffa Ashafa, cikin Fulatanci sannan ta maimaita da Hausa don kowa ya ji, wancan na ɗaki ba ya fita gobe, ita ta binne miji, ya ishe ta. Ta juya ta sa ƙafa ta ture ƙullin kayan Rabi'a zuwa ƙofar ɗaki.

"Ke kuma ɗauke tsummanki. Ba don ina son ganin ki ba."

Aka yi addu'ar uku babu ɗan fari. Jaɓɓo na kwance a gefen hagu, matashi tsakanin gwiwoyi, yana jin muryar liman ta bayan katanga. Ya ɗaga tafin hannu ɗaya, ɗayan na ƙarƙashinsa, yana cewa amin hawaye na gangarawa cikin kunnensa. Rabi'a ta ji tausayinsa har cikin ƙashinta, amma da lokacin juyi ya yi ta juya shi, ana tsakiyar fatiha.

Bai sake yi mata magana ba. Ta kawo abinci ya ci, ta wanke shi ya rufe ido. Mutanen da suka zo gaisuwa daga baya suka riƙa wuce ƙofarta kamar ba mutum a ciki, labari kuma ya riga ya kai kasuwa cewa ta hana miji addu'ar ubansa. Ita dai safe da yamma tana buɗe taga. Ɗumin ya fara sauka, taurin ya saki, duhun ya yi ta ja baya kaɗan-kaɗan. Sai da aka haura mako, wata safiya ta duba, ta sake dubawa, ta shafa bayan yatsu, ta rasa inda tabon yake. Fatar ba ta buɗe ba.

Ta zauna a bakin gado.

"Ya tahi," ta ce. "Yau kana iya hawa keke, amma kaɗan, mu duba, gobe mu ƙara."

Jaɓɓo bai juyo daga bango ba.

"Uba guda gare ni, Rabi. Addu'a tai guda ta, kin hana ni. Kin kuma tozarta ni gaban baffannina. Ban yahe maki ba, kuma ba ni yahewa."

"Kar ka yahe," ta ce. "Allah shi ba ka shekara hamsin kana riƙe da ni."

Ta miƙe ta jawo keken bakin gado, ta danna birki, ta shafa kushin ɗin da tafin hannu ko akwai tsakuwa. Ya miƙo mata hannu bai kalle ta ba, ta kama.